Littafin Bashi a Shagon Unguwa: Yadda Ake Rubuta Abin da Aka Ɗauka da Abin da Aka Rage

Bashin shagon unguwa ya bambanta da rancen da mutum ke karɓa sau ɗaya ya biya sau ɗaya. Abokin ciniki na yau da kullum yana ɗaukar kaya yau, ya ƙara jibi, ya kawo wani abu ranar Juma'a, ya aiko yaro a ba shi sukari mako mai zuwa, sannan ya rage wani kaso idan albashi ya shigo ko ya sayar da amfanin gona. Bashin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma da wuya a ga ranar da ya koma sifili. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa mai shagon kayan masarufi da ya ce ba ya bayarwa sam yakan rasa mutanen da suka fi kowa yi masa ciniki. Abin da ke hannunsa shi ne ya san, a kowane lokaci aka tambaye shi, nawa yake bin kowane mutum, tun yaushe, da kuma yadda lissafin ya kai wannan adadi.

Rubuta bashi tsohon umarni ne a Musulunci. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan wannan batu take: a rubuta bashi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko da bashin kaɗan ne. Mafi yawan masu shago suna rubutawa. Matsalar tana cikin yadda ake rubutun.

Shafi ɗaya ga mutum ɗaya

Salon da ya fi yaɗuwa shi ne a rubuta kowane bashi a jere yadda ya zo: wane ya ɗauki kaza, ƙarƙashinsa wance ta ɗauki kaza, idan mutum ya biya a ja layi a soke. Wannan yana aiki muddin kowa zai biya bashinsa ɗungurungum. Ranar da mutum ya kawo naira 5,000 alhali sunansa yana wurare shida a shafuka huɗu, salon ya rushe, domin babu layin da za a soke gaba ɗaya. Sai a soke ɗaya a rubuta wani adadi a samansa, ko a ce za a tuna. Bayan wata biyu ba mai iya karanta shafin, har wanda ya rubuta shi.

Gyaran shi ne a riƙe littafi biyu. Na farko littafin yau da kullum, wanda yake kan kanta, ana rubuta duk abin da aka bayar bashi da duk abin da aka karɓa na biyan bashi a daidai lokacin da abin ya faru. Na biyu shi ne littafin bashi na ainihi, mai bango mai ƙarfi da shafuka masu lamba, inda kowane abokin ciniki yake da shafinsa shi kaɗai. Da dare bayan an rufe, ko da safe kafin ciniki ya kankama, a kwashe abin da ke littafin farko zuwa shafin kowa, a yi wa kowane layi alama cewa an kwashe shi. Ƙaramin shago mai mutum goma yana iya rubutawa kai tsaye a shafin mutum, amma inda layi yake yin tsawo da yamma, neman shafi yana sa a jinkirta rubutu, kuma bashin da aka jinkirta rubutawa shi ne ke ɓata.

A saman shafin ana rubuta cikakken sunan mutum da laƙabin da aka san shi da shi, saboda unguwa ɗaya tana iya samun Malam Musa uku. Ana ƙara lambar waya, da layin da yake zaune, da abubuwa uku da aka yi yarjejeniya a kansu baki da baki: iyakar da bashinsa ba zai wuce ba, lokacin da yake biya, da sunayen waɗanda ya yarda a ba kaya a madadinsa. Na ukun nan yana kashe rigima mai yawa, domin “ban aiko kowa ba” tana cikin maganganun da mai shago ya fi ji. Ƙasa da wannan sai a raba shafin gida biyar: kwanan wata, bayanin kaya, kuɗin abin da aka ɗauka, kuɗin da aka biya, da ciko. Ko da boko aka rubuta ko da ajami, tsarin ɗaya ne.

Misalin wata uku

Ga misalin wani malamin makaranta mai albashi, wanda aka yarje wa bashi har naira 40,000, yana biya ƙarshen wata. Farashin da ke cikin misalin na bayani ne kawai.

Ranar 3 ga Maris ya ɗauki shinkafa kwano biyu a kan naira 4,500 kowanne, da man gyaɗa kwalba biyu a kan naira 2,500 kowacce. An rubuta 14,000 a gidan abin da aka ɗauka, ciko ya zama 14,000. Ranar 11 ya ɗauki sukari da taliya da sabulu na naira 12,000, ya miƙa 5,000 nan take. A nan ne da yawa suke kuskure, sai su rubuta 7,000 kawai tunda shi ne ya rage. Daidai shi ne a rubuta 12,000 a gidan ɗauka, 5,000 a gidan biya, ciko ya koma 21,000. Adadin ƙarshe ɗaya ne ko ta wace hanya, amma idan aka rubuta 7,000 kaɗai, ranar da malamin ya ce “ai na ba ka dubu biyar ran nan”, babu inda za a nuna masa an cire ta, kuma mai shago mai kunya zai sake cire masa ita karo na biyu.

Ranar 20 ya aiko ɗansa, wanda sunansa ke saman shafin, aka ba shi shinkafa kwano biyu. An rubuta 9,000 tare da sunan wanda ya karɓa, ciko 30,000. Ranar 29 albashi ya shigo, ya turo naira 20,000 ta taransifa, ciko ya sauka zuwa 10,000. Duk layin da aka rubuta, ana faɗa wa mai bashin sabon cikon kafin ya bar gaban kanta: “Malam, saura dubu goma ke nan.” Idan yana da ja, a nan zai yi, lokacin da kowa yake tune da abin da ya faru.

Tambayar da ke biye ita ce: wannan 10,000 ta wace rana ce? Ƙa'idar da ta fi sauƙi, wadda kuma ta fi adalci, ita ce duk kuɗin da aka kawo ya fara cin tsohon bashi kafin sabo. A watan Maris malamin ya biya jimillar 25,000. Ta share 14,000 ta ranar 3, ta ci 11,000 daga cikin 12,000 ta ranar 11. Abin da ya rage shi ne 1,000 ta ranar 11 da 9,000 ta ranar 20. Ke nan mafi tsufan bashinsa bai kai mako uku ba, wanda ba abin damuwa ba ne. Wasu masu saye sukan kawo kuɗi su ce “wannan na kayan yau ne, tsohon yana nan”. Idan aka biye musu, tsohon bashin yakan zauna a gefe wata da watanni har kowa ya saba da shi kamar ba bashi ba. Ya fi kyau a faɗi ƙa'idar tun ranar buɗe shafi.

A watan Afrilu malamin ya ɗauki kayan naira 34,000, ya biya 20,000, ciko ya zama 24,000. A watan Mayu ya ɗauki na 32,000, ya biya 22,000, ciko ya zama 34,000. Mutumin nan bai taɓa tsallake wata bai kawo kuɗi ba, kuma duk wanda aka tambaya a shagon zai ce yana cikin masu biya. Amma cikonsa na ƙarshen wata ya tashi daga 10,000 zuwa 24,000 zuwa 34,000. Abin da gidansa ke ci ya fi abin da yake iya warewa daga albashi da aƙalla naira 10,000 kowane wata, kuma jarin mai shago ne ke cike giɓin. Cikin makon farko na Yuni zai bugi iyakarsa. Mai shagon da ke soke layi ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a idonsa kullum ana biya. Wanda ke duba cikon ƙarshen kowane wata yana ganinsa tun Afrilu, lokacin da magana take da sauƙi: a zauna da malamin a keɓe, a nuna masa shafin, a tsayar cewa abin da zai ɗauka a wata kada ya wuce abin da ya biya a watan baya har cikon ya sauka. Cikon da ke hawa wata uku a jere ya fi babban bashin da ake sharewa duk ƙarshen wata haɗari.

Biyan da ba tsabar kuɗi ba

Tun ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023, biyan bashi ta taransifa ya zama ruwan dare har a ƙananan shaguna, ya kuma zo da nasa matsalolin. Kuɗi kan shigo da sunan matar mai bashi ko ƙanensa ko mai na'urar cirar kuɗi na bakin titi, mai shago ya ga alat bai san na waye ba. Don haka ba a rubuta biya sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna, domin saƙon waya da hoton rasit duk ana ƙirƙirar na bogi. Idan sun zauna, a rubuta a gidan bayani cewa ta taransifa ne, da sunan da ya bayyana a asusun. Kuɗin da ba a gane mai su ba a ba su shafi na musamman a ƙarshen littafi har mai su ya bayyana, kada a jefa su shafin wanda ake zato.

A ƙauyuka da garuruwan noma wasu sukan biya da hatsi idan kaka ta yi. Buhun masara ko na gero ba ya shiga gidan biya a matsayin buhu. Ana tsayar da farashinsa a ranar da aka kawo, da yardar ɓangarorin biyu, a rubuta kuɗin. Haka kayan da aka dawo da su: ba a goge layin farko, ana buɗe sabon layi a rubuta “an dawo da taliya biyu” a sa kuɗinsu a gidan biya. Kuskuren rubutu ma haka, a ja masa layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a sabon layi. Shafin da aka kankare ko aka yage wani ɓangarensa ba ya zama hujja ko a gaban mai unguwa, balle gaban alƙali.

Farashi kuwa dole a rubuta shi ranar ɗaukar kaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma a irin wannan yanayi layin da ya ce “shinkafa kwano biyu” ba tare da kuɗi ba rigima ce ke jiran ranarta: mai saye yana lissafi da farashin da, mai shago da na yanzu. A shari'a ciniki yana ƙulluwa ne a kan farashi sananne, kuma ƙara wa mutum kuɗi saboda ya jinkirta biya kuɗin ruwa ne. Mafi yawan malamai sun halatta farashin bashi ya ɗara na hannu idan an tsayar da shi tun farkon ciniki, amma da zarar an tsayar, ba ya motsi. Kariyar da mai shago yake da ita daga tashin farashi ita ce gajeren wa'adi.

Yadda ake gane littafin ya yi daidai

Kuɗin biyan bashi ba cinikin yau ba ne. An riga an ƙirga kayan a ranar da suka fita, saboda haka idan aka haɗa kuɗin da cinikin ranar da suka shigo, an ƙirga sau biyu, mai shago ya ɗauka ya yi ribar da bai yi ba. Lissafin dare shi ne: canjin da aka buɗe shago da shi, a tara da cinikin hannu, a tara da biyan bashin da aka kawo tsaba, a cire abin da aka kashe, abin da ya fito shi ya kamata a tarar a aljihun kanta. Idan kuɗin sun yi yawa, mai yiwuwa wani ya biya ba a rubuta masa ba, kuma wannan ya fi ƙarancin kuɗi muni, domin haƙƙin mutum ne ya rataya.

Sau ɗaya a wata ana gwada littafin gaba ɗaya. A ce jimillar abin da ake bin mutum 30 a farkon wata naira 380,000 ce, littafin yau da kullum ya nuna an bayar da sabon bashi na 290,000, an karɓi 260,000. Ya kamata cikon dukkan shafuka ya haɗu ya ba da 410,000. Idan aka tara aka sami 404,000, akwai 6,000 da ta ɓata a hanya. Sai a fara neman layin 6,000 da ba a kwashe ba. Idan babu, a raba biyu a nemi 3,000, domin kayan da aka rubuta a gidan biya maimakon gidan ɗauka suna haifar da giɓi ninkin kuɗinsu. Idan kuma giɓin yana rabuwa da 9 ba saura, galibi lambobi aka juya, kamar a rubuta 4,500 a wurin 5,400, wanda ke barin bambancin 900.

Wannan gwaji ba ya kama komai. Idan yaron shago ya karɓi kuɗi bai rubuta a ko'ina ba, ko ya ɗauki kaya ya rubuta a shafin wani, littattafan biyu za su yi daidai da juna duk da ɓarnar. Abin da ke kama wannan shi ne mai bashin kansa. Wasu shaguna suna ba kowane abokin ciniki ɗan ƙaramin littafi da ake rubuta masa layi ɗaya da na shago, wasu kuma mai shago yana tura saƙon ciko ta waya duk ƙarshen wata. Wanda ya biya aka ce bai biya ba zai yi magana a ranar. Tsarin yana kare yaron kirki ma daga zargin da ba shi da tushe.

Mai amfani da kwamfuta ko waya yana iya yin wannan tsari a Excel, inda gidan C yake na ɗauka, D na biya, E na ciko. A layi na uku ana rubuta:

```
=E2+C3-D3
```

sai a ja shi ƙasa. Na'ura tana kawar da kuskuren tarawa, amma ba ta rubuta abin da aka manta a shigar. Ko takarda ko waya, ana bukatar kwafi a wani wuri dabam. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa, kuma littafin da ke kwana cikin shago yana ƙonewa tare da kayan. Ɗaukar hoton shafuka duk mako a tura wa wani amintacce ya wadatar.

Nawa shago zai iya ɗauka

Ribar kayan masarufi siririya ce, shi ya sa bashi ɗaya da ya mutu yake cin ciniki mai yawa. Idan kwanon shinkafa ya tsaya wa mai shago a kan naira 4,200 ya sayar 4,500, ribarsa 300 ce. Kwano biyu da aka ɗauka ba a biya ba sun tafi da uwar kuɗi 8,400, sai ya sayar da kwano 28 kafin ya mayar da ita. Ko bashin da za a biya ma yana da tsada, domin kuɗin da ke hannun mutane ba sa zuwa kasuwar Singa ko Dawanau su saro kaya su dawo. Alamar cewa bashi ya fi ƙarfin shago a bayyane take: littafi yana nuna ciniki na tafiya, amma ranar sari kuɗin ba sa isa a maye kayan da suka fita, kanta tana raguwa, mai shago ya fara karɓar bashi a wurin dila don ya ba wasu bashi. Don haka bayan iyakar kowane mutum, ana bukatar iyaka ta shagon gaba ɗaya, wadda idan an kai ta ba a buɗe sabon shafi sai wani ya sauka.

A lissafin ƙarshen wata yana da amfani a kasa masu bashi gwargwadon tsufan bashinsu mafi daɗewa. Wanda bai wuce wata ɗaya ba yana kan hanya. Wanda ya shiga wata na biyu yana bukatar tuni. Wanda ya haura wata uku ba a ga ko sisi ba, musamman idan mai shi ya daina biyowa ta ƙofar shagon ya koma saye da kuɗi hannu a wani wuri, a dakatar da shafinsa a nemi zama da shi. Tunin a asirce ake yi. Liƙa sunaye a bango ko karanta wa mutum cikonsa a gaban jama'a yana tona asirin gida, kuma mutumin da aka kunyata ba shi da sauran abin da zai kare ta hanyar biya. Abin da ya fi dawo da kuɗi shi ne a yanka masa adadi kaɗan da zai iya, ko naira 2,000 ce duk mako, a rubuta kowacce a shafinsa.

Aya ta 280 a surar da aka ambata ta yi umarnin a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi. Littafi mai tsari ne ke ba mai shago damar bambance wanda ya gaza da wanda ya ƙi, tunda tarihin biyan kowa yana gabansa. Idan ya yafe, ya rubuta “an yafe” da kwanan wata ya rufe shafin, don kada magadansa su nemi abin da ya riga ya bari. Idan bai yafe ba amma ya fitar da rai, ya mayar da shafin sashen basussukan da ba a sa ran samu, ya daina ƙirga su cikin jari. Rabewar tana da amfani lokacin fitar da zakka, domin a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yana haɗa bashin da yake sa ran karɓa cikin lissafinsa, ban da wanda ya fitar da rai a kansa.

Idan mai bashi ya rasu, ana biyan bashinsa daga dukiyar da ya bari kafin a raba gado, kuma a al'ada akan yi sanarwa wurin jana'iza ko zaman makoki cewa mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Magada ba su san abin da ya gudana a gaban kanta ba. Abin da za a nuna musu shi ne shafin, da kwanan watan kowace ɗauka, da sunan wanda ya karɓa, da kowane biyan da marigayin ya yi, har zuwa ciko na ƙarshe.